Yadda Ake Gane Gaurayar Obital ta Kabon a Miten, Itin da Itayin, Mataki-Mataki

Ɗauki takarda ka rubuta tsarin ilektiron na kabon: 1s² 2s² 2p². Biyun da ke 1s suna can ciki kusa da cibiyar atam, ba ruwansu da ɗauri. Huɗun waje su ne masu aiki. Biyu daga cikinsu sun cika obital ɗin 2s, obital kuwa shi ne yankin da ilektiron yake zama a kewayen cibiya, sauran biyun kuma kowanne yana zaune shi kaɗai a obital ɗin 2p, an bar 2p na uku babu kowa. Da wannan tsarin kaɗai za mu bi, da kabon ɗauri biyu zai yi, domin ilektiron biyu ne kawai ba su da abokan zama. Kuma tunda obital ɗin p uku suna tsaye ne a kan juna da kusurwar digiri 90, da kusurwar da ke tsakanin ɗaurin biyu ma wajen digiri 90 za ta zama.

To amma miten, CH₄, bai bi wannan lissafi ba. Ɗauri huɗu gare shi, duk tsawonsu ɗaya, kimanin fikomita 109, kuma kusurwar da ke tsakanin kowane biyu digiri 109.5 ce. Wannan saɓanin ne Linus Pauling ya warware a shekarar 1931 da bayanin gaurayar obital. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, domin shi ne zai raba ka da haddar da ba ta da tushe: ba a farawa daga lakabin sp³ ko sp² ko sp. Daga siffar molekul ake farawa, a ƙirga ɓangarori nawa kabon ya miƙa hannu, sannan lakabin ya biyo baya da kansa. Obital ɗin p da bai shiga gaurayar ba kuwa, shi ne zai yi ɗaurin fai, wato ɗaurin da obital biyu suke yi idan suka shiga juna ta gefe.

Matakin farko: zana, sannan ka ƙirga maƙwabta

Kafin komai, zana molekul ɗin a buɗe, kowane ɗauri da layinsa. Kada ka tsaya a kan C₂H₄, rubuta H₂C=CH₂ ka kuma fito da kowane haidirojin a fili. Tabbatar kowane kabon yana da layi huɗu, kowane haidirojin yana da ɗaya.

Sai ka ɗora yatsa a kan kabon guda ka tambaya: atam nawa ne suke manne da shi kai tsaye? Atam ake ƙirgawa, ba layi ba. Idan layi biyu ko uku suka tafi wajen atam ɗaya, maƙwabci ɗaya ne. A miten maƙwabta huɗu ne. A itin, H₂C=CH₂, kowane kabon yana da uku: haidirojin biyu da ɗaya kabon ɗin. A itayin, HC≡CH, biyu ne kacal: haidirojin ɗaya da kabon ɗaya.

Wannan adadin shi ne yawan gaurayayyun obital da kabon yake buƙata, domin kowane maƙwabci sai an miƙa masa obital guda da ya fuskance shi sosai. Dokar gaurayar kuma mai sauƙi ce: yawan obital da ka zuba shi ne yawan da za ka kwasa. Kana buƙatar huɗu, sai ka haɗa s ɗaya da p uku, ka sami sp³. Kana buƙatar uku, s ɗaya da p biyu, sp². Kana buƙatar biyu, s ɗaya da p ɗaya, sp. Ƙaramar lambar da ke sama tana nuna yawan obital ɗin p da aka zuba ne, ba yawan ilektiron ba kamar yadda take a 2p². Ɗalibai da yawa a nan suke fara ruɗewa, domin rubutun ya yi kama, ma'anar kuwa daban.

Miten: inda aka zuba komai

Ga yadda lissafin yake tafiya. Ana ɗaga ilektiron ɗaya daga 2s zuwa 2p ɗin nan da babu kowa, tsarin waje ya koma 2s¹ 2p³. Yanzu akwai ilektiron huɗu marasa abokan zama. Ɗagawar tana cin makamashi, wajen 400 kJ/mol, amma kowane ɗaurin C–H yana sako sama da 400 kJ/mol. Tunda an sami ƙarin ɗauri biyu, abin da aka samu ya ninka abin da aka kashe.

Sai dai ɗagawa kaɗai ba ta kashe maganar ba, kuma a nan ya kamata a dakata. Da kabon ya yi amfani da 2s ɗaya da 2p uku yadda suke, da miten ya kasance da ɗauri iri biyu: uku daga p masu kusurwar digiri 90, ɗaya daga s mai tsawo da ƙarfi daban. Awo bai nuna haka ba. Duk huɗun iri ɗaya ne. Shi ya sa ake gauraya obital huɗun a fitar da sababbi huɗu masu kama da juna, kowanne kashi ɗaya cikin huɗu s ne, kashi uku p. Kowane obital na sp³ yana da babban kai a gefe ɗaya da ɗan ƙaramin wutsiya a baya, kuma da babban kan yake yin ɗauri.

Ina 109.5 ta fito? Kana iya fitar da ita da hannunka. Zana akwati mai fuska shida daidai wa daida, ka sa kabon a tsakiyarsa. Akwatin yana da lungu takwas. Sa haidirojin a huɗu daga ciki, kana tsallake ɗaya bayan ɗaya, ta yadda babu haidirojin biyu da suke kan gefe guda: biyu a sama a lungunan da ke kallon juna ta tsakiya, biyu a ƙasa a ɗaya jerin. Idan kabon yana (0, 0, 0), haidirojin suna (1, 1, 1), (1, −1, −1), (−1, 1, −1) da (−1, −1, 1). Ɗauki biyun farko. Ninka lambobinsu ɗaya bayan ɗaya ka tara: 1 − 1 − 1 = −1. Tsawon kowanne daga tsakiya √3 ne, ninkin tsawon biyun kuma 3. Saboda haka cos θ = −1/3, wato θ = 109.47°. Gwada kowane biyu daga cikin huɗun, amsar ba za ta canza ba. Wannan ita ce siffar dala mai fuska huɗu, kowace fuska mai kusurwa uku, kuma ita ce hanyar da abu huɗu za su fi nisantar juna a kewayen tsakiya ɗaya.

Zanen da muke yi a takarda yana yaudara, domin yana nuna miten a shimfiɗe da kusurwar digiri 90. Akwai hujja mai kyau da ke rushe wannan. Da miten a shimfiɗe yake, da CH₂Cl₂ ya kasu iri biyu: ɗaya da atam biyu na Cl a kusa da juna, ɗaya da suke kallon juna. Iri ɗaya kawai ake samu. A siffar dala kuwa duk matsayi biyu da ka zaɓa maƙwabtan juna ne, don haka iri ɗaya ne zai yiwu. Tun a 1874 van 't Hoff da Le Bel, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo maganar cewa hannayen kabon huɗu siffar dala suke bi, shekaru da dama kafin a san obital. Ka ga ke nan siffar ce ta riga, bayanin gauraya ya zo daga baya.

Yanzu ɗaurin kansa. Kowane obital na sp³ yana fuskantar obital ɗin 1s na haidirojin, su shiga juna kai da kai a kan layin da ya haɗa cibiyoyin atam biyun. Wannan shi ne ɗaurin sigma, σ. Alamarsa ita ce gajimaren ilektiron yana kwance a kan layin, kuma da za ka leƙa ta tsawon layin, da'ira za ka gani. Don haka idan aka juya gefe ɗaya, shigar obital ɗin ba ta raguwa. Miten yana da sigma huɗu, ba shi da fai ko ɗaya, domin ba a bar wani p a waje ba.

Itin: p ɗaya ya rage

Kowane kabon a H₂C=CH₂ maƙwabta uku gare shi, saboda haka gaurayayyun obital uku yake buƙata. A haɗa 2s da 2p biyu, a sami sp² uku. Abu uku da ke neman nisantar juna a kewayen tsakiya ɗaya kwanciya suke yi a shimfiɗa ɗaya, digiri 120 tsakanin kowane biyu. Obital ɗin p na uku bai shiga ba. Yana nan yadda yake da kansa biyu, ɗaya sama da shimfiɗar ɗaya ƙasa, yana riƙe da ilektiron ɗaya.

Fara da sigma tukuna, koyaushe. Kowane kabon ya miƙa sp² biyu ga haidirojin biyu, wato ɗaurin C–H huɗu a molekul ɗin. Sp² na uku na wannan kabon ya haɗu kai da kai da na wancan, ya ba da sigma na C–C. Jimla biyar. Wannan shi ne ƙashin molekul ɗin, kuma shi ne ya tsara kusurwoyi.

Sai ka dubi abin da ya rage: p ɗaya a tsaye a kan kowane kabon, suna kafaɗa da kafaɗa. Ba za su iya haɗuwa kai da kai ba, domin ba juna suke fuskanta ba. Ta gefe suke shiga juna, kan sama da kan sama, na ƙasa da na ƙasa. Wannan shi ne ɗaurin fai, π. Gajimarensa kashi biyu ne, ɗaya sama da shimfiɗar molekul ɗaya ƙasa, a kan shimfiɗar kanta kuwa babu komai nasa. Ka lura da kyau: kashi biyun nan ɗauri ɗaya ne mai ilektiron biyu. Wanda ya ga gajimare sama da ƙasa ya ƙirga fai biyu ya yi kuskure, kuma kuskure ne da ake yawan yi. Layi biyun da ke C=C ashe ba tagwaye ba ne: ɗaya sigma, ɗaya fai.

Kana iya ganin abin da idonka. Yanki kwali biyu ƙanana, kowanne ya zama shimfiɗar CH₂ ɗaya. Soka fensir a tsakiyar kowanne ya fito sama da ƙasa, fensirin shi ne obital ɗin p. Ajiye kwalayen gefe da gefe, fensiran biyu a tsaye a jere, ka ɗaura zare tsakanin kawunansu na sama, wani tsakanin na ƙasa. Yanzu riƙe kwali ɗaya ka juya ɗayan a kan layin da ya haɗa su. Fensiri ɗaya zai fara kwantawa, zaren ya ɗame. Kafin ka kai digiri 90, inda fensiri ɗaya ke tsaye ɗaya ke kwance, dole zaren ya tsinke. Haka abin yake a itin: idan aka juya gefe ɗaya da digiri 90, obital ɗin p biyu ba sa taɓa juna, ɗaurin fai ya mutu.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, duk atam shida na itin a shimfiɗa ɗaya suke, domin a haka ne kawai p biyun suke jeruwa. Na biyu, ɗaurin C=C ba ya juyawa. A iten, H₃C–CH₃, inda sigma ne kaɗai tsakanin kabon biyun, shingen juyawa wajen 12 kJ/mol ne, kuma a zafin ɗaki molekul ɗin yana ta juyawa ba tsayawa. A itin shingen ya haura 250 kJ/mol. Wannan ne ya sa ClHC=CHCl ya kasu gida biyu da ake iya rabawa a kwalba daban-daban: wanda Cl biyun suke gefe ɗaya yana tafasa a wajen 60 °C, wanda suke gefe daban-daban kuma a wajen 48 °C. Atam iri ɗaya, jeri iri ɗaya, amma fai ya hana ɗaya ya koma ɗayan.

Game da kusurwa, 120 ita ce ta lissafi. Awo na gaske ya nuna H–C–H wajen digiri 117, H–C–C kuma wajen 121. Ɓangaren da ke ɗauke da ɗauri biyu yana da ilektiron huɗu, ya fi cin wuri, sai ya matse ɗaurin C–H biyun su ɗan kusanci juna. Idan an tambaye ka kusurwar itin, ka ce kimanin 120, kalmar kimanin ɗin tana da aiki.

Itayin: p biyu sun rage

A HC≡CH kowane kabon maƙwabta biyu gare shi. A haɗa 2s da 2p ɗaya, a sami sp biyu, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma, digiri 180. Ɗaya ya yi sigma da haidirojin, ɗaya ya yi sigma da ɗaya kabon ɗin. Sigma uku ke nan a molekul ɗin: C–H biyu da C–C ɗaya, kuma atam huɗun duk a kan miƙaƙƙen layi suke.

Kowane kabon ya rage da p biyu. Idan layin molekul ya miƙe daga hagunka zuwa dama, p ɗaya yana tsaye sama da ƙasa, ɗayan yana kwance daga gabanka zuwa baya. Na tsaye ya shiga na tsaye ta gefe, fai ɗaya. Na kwance ya shiga na kwance, fai na biyu. Na tsaye ba ya yin ɗauri da na kwance. Idan aka haɗa gajimaren fai biyun, sai su lulluɓe layin C–C ta kowane gefe. Don haka C≡C sigma ɗaya ne da fai biyu. Tsakanin atam biyu ba a taɓa samun sigma fiye da ɗaya a irin waɗannan molekul ɗin, domin hanyar kai da kai guda ɗaya ce, duk layin da ya ƙaru a kanta fai ne.

Abin da tsawo da ƙarfi suke faɗa

Tsawon ɗaurin da ke tsakanin kabon biyu fikomita 154 ne a iten, 134 a itin, 120 a itayin. Ƙarin ilektiron a tsakani yana ƙara jawo cibiyoyin biyu. Matsakaicin ƙarfin ɗauri da littattafai suke bayarwa shi ne kimanin 348 kJ/mol ga C–C, 614 ga C=C, 839 ga C≡C. Yi ragi ka gani. Daga 348 zuwa 614 ƙarin 266 ne, bai kai 348 ba. Daga 614 zuwa 839 ƙarin 225 ne. Wato kowane fai bai kai sigma ƙarfi ba, domin shiga ta gefe ba ta kai ta kai da kai zurfi ba.

Wannan ne yake warware tambayar da take damun mai tunani: idan C=C ya fi C–C ƙarfi, me ya sa itin ya fi iten saurin shiga sauyi? Domin ba duka ɗaurin ake karyawa ba. Fai kaɗai ake buɗewa, sigma yana nan. Ga shi kuma ilektiron ɗin fai a waje suke, sama da ƙasa, inda duk wani mai neman ilektiron zai same su cikin sauƙi. Idan aka busa itin cikin ruwan buromin mai launin ruwan goro, launin yana ɓacewa, domin Br₂ ya buɗe fai, kowane kabon ya karɓi sabon maƙwabci ɗaya. Ƙirga maƙwabta bayan an gama: kowane kabon yanzu huɗu gare shi. Ya tashi daga sp² ya koma sp³, kusurwa ta sauko daga wajen 120 zuwa wajen 109.5. Miten ba ya yin haka da ruwan buromin a cikin duhu, domin ba shi da fai da za a buɗe.

Akwai kuma abin da na fi so a wannan darasi, wato kason s. A sp³ kason s kashi 25 ne cikin ɗari, a sp² wajen 33, a sp kuwa 50. Ga gaurayayyun obital masu kama da juna, ƙa'ida ɗaya ce take haɗa kason da kusurwa: cos θ = −s/(1 − s). Sa s = 1/4, ka sami −1/3, wato 109.5°, daidai da abin da akwati ya ba mu. Sa s = 1/3, ka sami −1/2, wato 120°. Sa s = 1/2, ka sami −1, wato 180°. Kusurwoyin uku ba lambobi ne uku da za a haddace daban-daban ba, amsoshi ne uku na lissafi guda, kuma duk lokacin da kason s ya ƙaru kusurwa buɗewa take yi.

Obital ɗin s ya fi p kusa da cibiya, saboda haka obital mai yawan s ya fi gajarta, ya kuma fi riƙe ilektiron kusa da kabon. Shi ya sa ɗaurin C–H na itayin fikomita 106 ne, alhali na miten 109 ne. Shi ya sa kuma haidirojin na itayin ya fi sauƙin fita a matsayin H⁺, domin ilektiron biyun da zai bari suna samun mazauni a obital ɗin sp, kusa da cibiya. Ma'aunin pKa, wanda ƙanƙantarsa take nuna sauƙin fitar H⁺, wajen 25 ne ga itayin, wajen 44 ga itin, wajen 50 ga iten. A ɗakin gwaji ana ganin bambancin: itayin yana ba da farin gari da ke kwantawa idan aka busa shi cikin ruwan AgNO₃ mai amoniya, itin kuwa ba ya bayarwa, ko da yake dukansu suna kashe launin buromin. Wannan garin yana fashewa idan ya bushe, don haka ba a ajiye shi, ana lalata shi da ruwan asid tun yana jiƙe.

Mu gwada a kan molekul ɗaya mai iri ukun

Ɗauki HC≡C–CH=CH–CH₃. Sa wa kabon lamba daga hagu, 1 zuwa 5, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kabon na 1 yana manne da haidirojin da kabon na 2. Maƙwabta biyu, sp. Kabon na 2 yana manne da na 1 da na 3, shi ma biyu, sp. A nan wasu suke tuntuɓe, su ga yana da ɗauri guda ɗaya a damansa su ce sp³ ne. Ɗaurin da ke gefe ɗaya ba shi ne mai yanke hukunci ba, yawan maƙwabta ne. Kabon na 3 yana da na 2, da haidirojin, da na 4: uku, sp². Na 4 yana da na 3, da haidirojin, da na 5: uku, sp². Na 5 yana da na 4 da haidirojin uku: huɗu, sp³.

Kusurwoyi sai su biyo. A kan kabon na 1 da na 2 digiri 180 ne, wato haidirojin na farko da kabon na 1, na 2 da na 3 duk a layi ɗaya suke. Idan ka zana lanƙwasa a kan kabon na 2, zanenka ya saɓa wa molekul ɗin. A kan na 3 da na 4 kimanin 120 ne, a nan sarƙar take lanƙwasa. A kan na 5 kimanin 109.5.

Yanzu ƙirgar sigma da fai. Haidirojin shida ne, kowanne da sigma ɗaya: shida. Tsakanin kabon biyar akwai mahaɗa huɗu, kowace da sigma ɗaya, ko layinta ɗaya ne ko uku: huɗu. Sigma goma. Fai kuwa biyu daga C≡C, ɗaya daga C=C: uku.

Kada ka tashi ba ka tantance ba, kuma hanya biyu ce. A molekul da ba shi da zobe, yawan sigma shi ne yawan atam a cire ɗaya. Atam 11 ne, a cire ɗaya saura 10. Sannan ƙirga ilektiron na waje: kabon biyar sau huɗu 20, da haidirojin 6, jimla 26, wato ɗauri 13. Goma da uku sha uku. Akwai ma ta uku idan kana so: ƙirga p da suka rage. Kowane kabon sp ya bar biyu, kowane sp² ya bar ɗaya, jimla shida, kuma kowane fai yana cin biyu, fai uku ke nan. Idan p ya rage maka ba abokin haɗi, ko dai ka manta wani haidirojin a zane ko ka ba wani kabon lakabin da ba nasa ba.

Idan aka ce ka faɗi obital ɗin da suka yi wani ɗauri, duba lakabin atam biyun da ke gefensa. Sigma tsakanin kabon na 2 da na 3 daga sp da sp² ya fito, na tsakanin 4 da 5 daga sp² da sp³. Dukansu layi ɗaya ne a zane, amma sun fi na iten gajarta, na 2 da 3 kuma ya fi gajarta a cikinsu. Yawan kason s yana daga cikin dalilan, haka nan kasancewarsa tsakanin fai na hagu da na dama da suke ɗan shiga juna ta kansa.

Inda gajeriyar hanya take kā da mutum

Da yawa suna haddace cewa ɗauri mai layi biyu sp² ne, mai layi uku sp ne. Yana aiki a itin da itayin, amma gwada shi a H₂C=C=CH₂. Kabon na tsakiya ba shi da layi uku ko ɗaya, duk da haka maƙwabtansa biyu ne, saboda haka sp ne, kusurwar C–C–C kuma 180. Yana da p biyu da suka rage, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Na tsaye ya yi fai da kabon na hagu, na kwance ya yi da na dama. Sakamakon haka CH₂ na hagu da na dama ba a shimfiɗa ɗaya suke ba, ɗaya ya juya da digiri 90 a kan ɗayan. Wanda ya haddace ba zai taɓa hango wannan ba, wanda ya bi p ɗin da suka rage kuwa da kansa zai fito da shi. Kabon na CO₂ ma haka yake: maƙwabta biyu, sp, fai biyu, miƙaƙƙen layi.

Ƙirgar maƙwabta kaɗai tana isa ne idan duk ilektiron huɗun kabon suna cikin ɗauri, kamar a misalan da muka bi. Idan atam yana riƙe da ilektiron biyu da ba su shiga ɗauri ba, su ma wuri suke ci, sai a ƙirga su kamar maƙwabci. CH₃⁻ yana da maƙwabta uku da irin waɗannan biyun, wato huɗu, don haka ana ɗaukarsa sp³. CH₃⁺ kuwa maƙwabta uku ne kawai ba ƙari, sp² ne, a shimfiɗe, da obital ɗin p da babu kowa a cikinsa.

Sannan kada ka ɗauki ɗaga ilektiron da gaurayar obital a matsayin abubuwan da suke faruwa bi da bi, kamar kabon yana shiryawa kafin haidirojin ya iso. Matakan lissafi ne da muke bi don mu bayyana ɗaurin da aka riga aka auna. Bayanin yana da iyakarsa. Idan aka haska miten da haske mai ƙarfi aka auna makamashin da ake buƙata don fizge ilektiron na ɗauri, ba mataki ɗaya ake gani ba kamar yadda mai kallon sp³ huɗu masu kama da juna zai zata da farko. Mataki biyu ake gani, ɗaya na obital uku, ɗaya na obital guda mai zurfi. Irin wannan awon ya fi sauƙin bayani da nazarin obital na molekul gaba ɗaya, inda ilektiron suke bazuwa a kan duk atam biyar. Ga tambayar siffa, kusurwa, yawan sigma da fai, da ko ɗauri zai juya ko ba zai juya ba, gaurayar obital tana ba da amsa daidai da fensir da takarda. Idan tambayar ta koma kan makamashin kowane ilektiron, sai a koma ga wancan nazarin.